Shaidar Fitsari a Shari'ar Tsamin Jini

A ƙasar Madawa da Buza da Keita, inda zawo da tamowa ke cika asibitoci da yara kowace damina, idan aka kawo yaron da ya ƙi girma, yana numfashi mai zurfi, galibi hanji ake tuhuma, alhali wani lokaci illar tana cikin ƙoda, wadda siraran bututunta suka gaza fitar da tsami cikin fitsari.

Mu ƙaddara yaro ɗan shekara 4 ne, aka auna iskar jininsa, pH ya nuna 7.31, baikabonet 14 maimakon 22 zuwa 26, pCO2 kuwa 29. Bisa ƙa'idar Winters, wato a ninka baikabonet sau 1.5 a ƙara 8, adadin da ake tsammani shi ne 29 ɗin, saboda haka huhu ya sauke nauyinsa. Sa'an nan a cire kuloraid 114 da baikabonet 14 daga sodiyam 138, saura 10, giɓin da bai wuce haddi ba. A nan zawo da ciwon ƙoda suka yi kama, sai a nemi shaidar fitsari:

```
UAG = Na + K − Cl
```

Hikimar lissafin ita ce, lafiyayyar ƙoda, idan jini ya yi tsami, takan zubar da amoniyam mai yawa, shi kuwa tare da kuloraid yake fita, don haka kuloraid ya rinjayi sauran biyun, sakamako ya faɗi ƙasa da sifiri, kamar yadda ake gani ga mai zawo. Amma fitsarin yaronmu ya ba da sodiyam 45, fotasiyam 30, kuloraid 50, wato 25 sama da sifiri, pH nasa kuma 6.6, alhali ya kamata ya sauka ƙasa da 5.5. Idan aka haɗa da ƙarancin fotasiyam a jini, hujja ta tabbata cewa bututun ƙarshe ne ya gaza, maganinsa kuwa baikabonet ko sitiret na fotasiyam kullum, domin in an yi sakaci ƙashi zai yi laushi, duwatsu su taru a ƙoda.

Sai dai shaidar tana da sharuɗɗa, kuma a ganina nan ne ma'aikacin lafiya na karkara ya fi bukatar hattara. Yaron da zawo ya ƙarar masa da ruwan jiki, har sodiyam na fitsarinsa ya gaza 20, lissafinsa na iya ɗora wa ƙoda laifin da ba nata ba. Haka mai tamowar kumburi, ƙarancin albumin yakan rage giɓin jini da misalin 2.5 a kan kowane giram ɗaya cikin desilita, ya ɓoye wani tsamin dabam. Saboda haka a fara mayar wa yaro ruwan jikinsa, a auna albumin, kana a ɗebi fitsari a yanke hukunci.