Kafin Ka Rushe Ɗakin Ƙasa Ka Sa Bulo, Lissafa Zafin

A Kurni, kamar sauran garuruwan ƙasar Matamaye, mutum da ya samu ƴan kuɗi sai ya rushe ɗakin ƙasa ya tayar da na bulon siminti. Bazara na kamawa, zafi ya haura digiri 40, sai ka tarar da maigidan a gindin bedi, ɗakin ya gagari zama. Akwai ɗan lissafi da zai nuna maka haka tun ba ka sayi buhun siminti ko ɗaya ba.

Zafin waje shinge uku yake tsallakewa bi da bi kafin ya iske ka a kan tabarma: daga iskar waje zuwa fuskar bango, sai cikin jikin bangon, sai daga bangon zuwa iskar ɗaki. Kowane shinge da ƙarfin da yake tare zafi, wanda masana ke kira R. A waje iska na kaɗawa, tana miƙa wa bango zafi da sauri, don haka shingenta rarrauna ne: R = 1/25 = 0.04. A ciki iska kwance take: R = 1/8, kusan 0.13. Na bango kuwa, a raba kaurinsa da lambar k, wato yadda kayan ginin ke barin zafi ya ratsa: R = L/k.

Mu ɗauki bangon ƙasa mai kaurin santimita 40, k ɗinsa wajen 0.8. R = 0.40/0.8 = 0.50. Tun da shingayen a jere suke, tara su ake yi, a samu 0.67. Sai a juya: U = 1/0.67, kusan 1.5. Ma'anarsa, kowace murabba'in mita na shigar da wat 1.5 a kan kowane digiri ɗaya na bambancin waje da ciki. Bulo marar rami mai santimita 15, k wajen 1.2, R ɗinsa 0.125 ne kacal. Jimla 0.295, U kusan 3.4. In bangon murabba'in mita 12 ne, waje 42, ciki 32, na ƙasa zai shigo da wat 180, na bulo fiye da 400.

Inda ake tuntuɓe shi ne a sa 40 maimakon 0.40, ko a tara 25 da 8 kai tsaye. Ganewa ba wuya: ko ƙofar kwano, da kaurinta ba a bakin komai yake ba, U ɗinta bai kai 6 ba. Ka ga lissafinka ya wuce haka, ko ya faɗi kusa da sifili, ka yi kuskure.

Amma fa lissafin bai san da ranar da ke dukan bangon yamma ba, bai san da rufin kwano ba, bai kuma san cewa ƙasa na shanye zafin rana ta sako shi da dare ba, abin da ke fitar da mu tsakar gida mu kwana. Duk da haka, malam, in bulon ya zama dole, sayi mai rami, ka ce wa magini ya ƙara kauri.