Awa goma sau huɗu ko awa takwas sau biyar: ina ribar take?

A watan Agustan 2008, gwamnan jihar Utah ta Amurka, Jon Huntsman, ya mayar da ma'aikatan jiha kusan 17,000 kan sabon tsari: a shiga ofis ƙarfe 7 na safe, a tashi 6 na yamma, Litinin zuwa Alhamis, ranar Juma'a kuma a garƙame ƙofa. Awoyin mako ba su ragu ba, arba'in ɗin nan ce aka dunƙule cikin kwana huɗu. Gwamnati ta sa ran rarar dala miliyan 3 a shekara daga kuɗin wuta da ɗumama gine-gine. Da aka zo lissafi, abin da aka samu a shekarar farko bai wuce kusan dala dubu 500 ba. A 2011 majalisar jihar ta dawo da kwana biyar, duk da cewa yawancin ma'aikatan sun fi son sabon tsarin.

Me ya cinye rarar? Gini ba ya daina cin wuta sai an rufe shi ruf. Gine-gine da dama an ci gaba da amfani da wani sashensu ranar Juma'a, a sauran kwanakin kuma fitilu da na'urori sun ƙara awa bibbiyu suna aiki. Mai ma'aikatar da ke dogaro da janareta ya san wannan: injin da zai yi awa arba'in zai sha dizal ɗinsa, ko a kwana huɗu ko a biyar.

Ribar da ake gani da ido tana wani wuri dabam. Mu ƙaddara wata masaƙa ce inda kowace rana ake ɓatar da minti 45 wajen tayar da injuna da safe, jera kaya, da share wuri kafin a tashi. A kwana biyar, awa uku da minti 45 ke nan. A kwana huɗu, awa uku cif. An tsira da minti 45 a mako. To amma dubi ɗaya gefen. Awa ta tara da ta goma, sau huɗu, sun zama awa takwas da ake yi da gajiyayyen jiki. In hannun ma'aikaci ya yi sanyi da kashi 10 cikin 100 kawai a waɗannan awoyi, an yi asarar minti 48, ribar ta tafi har da ɗoriya. Saboda haka tsarin ya fi karɓar aikin da shirinsa ke da tsawo, kamar gyaran hanya mai nisa da gari, inda kai ma'aikata da kafa shinge kaɗai kan ci awa guda. Aikin ɗaukar kaya a tsaye cikin zafin bazara kuwa, ban ga yadda zai ci riba ba.

Gajiyar ita ce ta fi damuna, don ba ta fitowa a takardar akawu sai ta yi ɓarna. Simon Folkard da abokan bincikensa, da suka tattara alƙaluman haɗurran masana'antu, sun gano cewa haɗarin rauni a aikin awa goma ya ɗara na awa takwas da kusan kashi 13 cikin 100, na awa goma sha biyu kuma da kusan kashi 27. Ka ɗauki matar da ke tafiyar awa ɗaya zuwa wurin aiki. Ta fita ƙarfe 6 bayan sallar asuba, ta dawo 7 ana shirin isha'i, ga girki, ga yaran da tun azahar aka tashe su daga makaranta. Awa goma sha uku ke nan a waje. Kuɗin motarta ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, amma barcin da ta rasa daren Talata ba a ajiye shi sai Juma'a a biya.

Gambiya ma ta gwada a 2013 zamanin Yahya Jammeh, daga 8 na safe zuwa 6 na yamma, Adama Barrow ya soke shi a 2017. Abin da ke yawan kayar da tsarin a ofisoshin gwamnati shi ne mai neman takarda da ya zo ranar aiki ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ana iya raba ma'aikata, wasu su huta Litinin wasu Juma'a, sai dai ginin zai koma buɗe kwana biyar, rarar wutar ta bi iska.

Wanda zai gwada, kada ya tsaya ga jimillar mako. Ya riƙa rubuta abin da aka samar awa-awa na 'yan watanni, ya ware kayan da suka lalace da ƙananan raunuka bisa lokacin da suka faru. In ya ga ɗinki na karkacewa bayan la'asar, ko aikin Alhamis ya fi yawan dawowa gyara, to awa biyun nan na ƙarshe tsadarsu ta fi abin da suke kawowa.