Shafi ya ɓace daren ƙaddamarwa: me ya faru?

Wani matashi mai gina shafukan intanet ya kwashe shafin kwastomarsa zuwa sabon kamfanin ajiya, ya rufe tsohon asusun. Daren ƙaddamarwa shafi ya ƙi buɗewa, kwastoma sai kira take.

Fayiloli suna nan lafiya. Ya manta ne bai sauya Nameservers ba a inda aka sayi sunan shafin. Su ke nuna wa waya inda shafi yake, kuma tsohon gida suke nunawa.

Ga yadda ake dubawa:

```
dig NS example.com +short
```

Idan sunan tsohon kamfanin ya fito, ba a sauya ba. Matashin ya gyara nan take, amma sauyin kan kai awa 48 kafin ya isa ko'ina. Shi ya sa ake sauyawa tun saura kwana 2, a bar tsohon asusun a buɗe.