3.2 Ƙiyasin Kaurin Ƙanƙara a Saman Tafki

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake ƙiyasta kaurin ƙanƙarar da ke rufe tafki a ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar tafkin Baikal na Rasha, wanda yake daskarewa a watan Janairu. Hanyar ta samo asali daga binciken Josef Stefan na 1891 a kan ƙanƙarar teku.

Da zarar saman tafki ya daskare, sabuwar ƙanƙara daga ƙasa take haɗuwa, inda zafin ruwa yake digiri 0. Kowane kilogiram na ruwa sai ya saki zafi jul 334,000 kafin ya daskare, kuma wannan zafi ba shi da mafita sai ta cikin ƙanƙarar da ke bisansa. Saboda haka duk sa'ad da kauri ya ƙaru, sai hanyar ta ƙara tsawo, daskarewa kuma ta rage sauri.

Domin sauƙaƙa lissafi, akan ɗauka cewa a kowane lokaci zafi yana raguwa bai ɗaya daga ƙasan ƙanƙarar zuwa samanta, tamkar kaurin ba ya sauyawa. Wannan zato ya halatta ne saboda zafin da ƙanƙarar ke saki wajen ƙara yin sanyi kaɗan ne. Idan samanta ya kai digiri 10 ƙasa da sifiri, bai wuce kashi 6 cikin ɗari na zafin daskarewa ba. Idan aka daidaita zafin da ake saki da wanda ke fita, za a sami:

ρL(dh/dt) = kΔT/h, wato h² = 2kΔTt/(ρL)

A nan h shi ne kauri, t lokaci, ΔT bambancin zafi tsakanin ƙasa da sama. Ita k, wato ƙarfin ratsawar zafi, 2.2 ce, ρ nauyin ƙanƙara ne, kilogiram 917 a kowace mita kubik, L kuwa 334,000.

Alal misali, a ɗauki ΔT = 10 da kwana ɗaya, wato sakan 86,400. Lissafi zai ba da h² = 0.0124, kauri santimita 11 ke nan. A kwana 4 zai zama santimita 22, a kwana 100 kuwa mita 1.1. Wato kafin kauri ya ninka sau biyu, sai lokaci ya ninka sau huɗu.

Sai dai ƙiyasin yakan zarce abin da ake aunawa. Dalili na farko, saman ƙanƙara ya fi iska ɗumi, musamman a kwanakin farko, don haka sanya zafin iska cikin lissafin yana kumbura sakamako. Na biyu, dusar ƙanƙara takan lulluɓe tafkin kamar bargo ta tare zafi. Ana gane haka ta huda ƙanƙarar a auna kaurinta lokaci-lokaci. Idan sanyi bai sauya ba, zanen h² a kan t miƙaƙƙen layi ne. In ya karkata ƙasa bayan zubar dusa, to lissafin ya daina aiki sai an sa kaurin dusar a ciki.