Wa Ya Taɓa Lissafin Taliya?

Ranar wata Juma'a da hantsi na shiga shagon yayana a Kasuwar Singa da ke Kano, na tarar ba mai kallon fuskar wani. An ƙirga taliya a sito an sami katan 188, alhali fayil ɗin lissafin kaya yana nuna 228. Katan 40 sun yi ɓatan dabo. Mai tsaron sito, dattijon da ya daɗe a shagon, yana zaune bakin ƙofa da makullai a hannu, sai cewa yake: "Alhaji, wallahi ko ƙwara ɗaya ba ta fita ba tare da rasit ba." Kowa ya san inda zargi yake fara sauka a irin wannan hali, kuma ba daɗi a ga mutum mai furfura yana rantsuwa a gaban yara.

Mutum huɗu ne ke rubutu a wannan fayil na Google Sheets: yayana, ɗansa, mai rubuta rasit, da yaron da ke karɓar kaya idan mota ta iso. Matsalar irin wannan fayil ita ce lamba ba ta barin sawu. A littafin takarda, in ka soke 260 ka rubuta 228, tsohuwar lambar tana nan ƙarƙashin layin biro, kuma an san rubutun hannunka. A kwamfuta ko waya kuwa, sabuwar lamba haɗiye tsohuwa take yi.

Abin da ya wanke dattijon nan shi ne wani shafi na biyu da ɗan yayana ya buɗe a cikin fayil ɗin, ya sa masa suna rajistar canji. Dokarsa ɗaya ce: duk wanda ya taɓa lamba a shafin kaya, sai ya zo nan ya ƙara layi ɗaya. Layin yana ɗauke da kwanan wata, sunan kaya, lambar da ya tarar, lambar da ya bari, dalili tare da lambar rasit, sannan haruffan farko na sunansa. Ga abin da muka gani na wannan makon:

```
2024-03-04  Taliya    240  210  sayarwa, rasit 0412  SM
2024-03-05  Taliya    210  260  shigowa, katan 50    AB
2024-03-06  Taliya    260  228  sayarwa, rasit 0425  SM
2024-03-07  Makaroni   95   55  sayarwa, rasit 0431  SM
```

Abin da aka fara dubawa shi ne ko layukan taliya suna riƙe da juna. Lambar da wani ya bari dole ta zama ita ce wadda na bayansa ya tarar. An bar 210, an tarar da 210. An bar 260, an tarar da 260. Layin ƙarshe ya tsaya a 228, daidai da abin da shafin kaya ke nunawa. Ke nan ba wanda ya canza lambar taliya a ɓoye. Da an ga wani ya bar 260 amma na bayansa ya tarar da 250, to tsakanin waɗannan ranaku biyu wani ya taɓa lambar bai rubuta ba, kuma can za a nufa da bincike. Wannan shi ya sa rubuta tsohuwar lamba ya fi komai amfani a rajistar, ko da yake shi ne mutane suka fi jin ƙyuyar cikewa.

Daga nan aka ɗauko littafin rasit aka bi layi-layi. Rasit 0412 katan 30 ne na taliya, ya dace. Rasit 0425 katan 32, shi ma ya dace. Sai idon yayana ya faɗa kan layin makaroni na ranar Alhamis, wanda aka rage katan 40 cif. Ya buɗe rasit 0431, ya ga taliya aka sayar, ba makaroni ba. A shafin kaya layukan biyu suna maƙwabtaka da juna, kuma mai rubuta rasit da waya yake aiki, yatsansa ya sauka a gidan ƙasa. Aka koma sito aka ƙirga makaroni, aka tarar da katan 95 suna nan lafiya. Duk binciken bai kai rabin awa ba.

Haruffan SM da ke ƙarshen layin ba su zama sanadin faɗa ba. Amfaninsu shi ne an san wanda za a tambaya, shi kuma nan take ya tuna cinikin da mai sayen. Ina ganin nan ne masu shaguna da yawa suke kuskure. In rajistar ta zama bulala, duk wanda aka ga haruffansa a kan kuskure a zaftare masa albashi, to yara za su daina rubutawa, ko su riƙa sa haruffan wani. Akwai kuma ƙaramin abu da ya kamata a daidaita tun ranar farko: sunayenmu da yawa da harafi ɗaya suke farawa, saboda haka in mutum biyu suka yi karo a kan AM, sai a ƙara wa ɗaya harafi na uku, a rubuta jerin a saman shafin.

Yadda aka gyara ma abin lura ne. Ba a goge layin ranar Alhamis ba. An ƙara sababbin layuka biyu da kwanan ranar Juma'a: makaroni daga 55 zuwa 95, taliya daga 228 zuwa 188, dalili kuma gyaran rasit 0431. Rajistar ƙasa kawai take tafiya. Ranar da aka fara goge tsofaffin layuka don shafi ya yi kyau, ta daina zama shaida.

Wani zai ce ai manhajar da kanta tana adana tarihi. Gaskiya ne. A Google Sheets akwai Version history ƙarƙashin File, kuma in ka danna gida da maɓallin dama za ka ga Show edit history. Amma abin da yake nunawa shi ne asusun da ya yi canjin, kuma a shagon yayana, kamar a shaguna da yawa, da imel ɗaya kowa yake shiga, don haka suna ɗaya ne ke fitowa a kan komai. Ko da kowa yana da nasa asusun, manhajar ba ta san dalilin canji ba, ba ta san lambar rasit ba.

Kwanan wata yana da tarko biyu. Na farko, kada a cike gurbinsa da `=TODAY()`, domin wannan dabarar kullum ranar yau take nunawa. Gobe in ka buɗe fayil, duk layukan sun koma kwanan gobe. A kwamfuta, danna `Ctrl+;` yana saka kwanan ranar ya tsaya cak, a Excel da Google Sheets duka. Na biyu shi ne tsarin rubutun. Mu 04/03 muke nufi da 4 ga Maris, amma fayil ɗin da aka saita da tsarin Amurka 3 ga Afrilu zai karanta. Fara da shekara, sai wata, sai rana, yana kawar da wannan ruɗani.

Akwai abin da rajistar ba za ta iya ba. In katan ya fita daga sito ba rasit, ba wanda ya taɓa fayil, layuka za su riƙe juna tsaf alhali kaya sun ragu. Ƙirga da hannu ne kaɗai ke tona wannan, shi ya sa yayana bai daina ƙirgar ranar Juma'a ba. Abin da ya ƙara bayan wannan lamari shi ne ya saka layin shinkafa tsakanin taliya da makaroni, ya kuma ba dattijon sito nasa haruffan, domin sakamakon ƙirgarsa ya riƙa shiga rajistar kowane mako.