Alamar ragi ce ko datti? Matsalar fensir mai dishi-dishi

Malamin da ke duba jarrabawa a allon kwamfuta ba takardar ɗalibi yake gani ba, hotonta yake gani. A nan ne fensir ke jawo rigima.

Bakin fensir haɗi ne na girafait da yumɓu. Mai lamba 2H yumɓunsa ya fi yawa, don haka rubutunsa siriri ne, fari-fari, shi kuwa 2B baƙi ne sosai. Ga shi girafait na da ƙyalli, yana mayar wa na'urar ɗaukar hoto haskenta. Na'urar kan auna haske daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. A ce takarda ta fito a 235, rubutun kuma a 215, to tazarar kaɗan ce. In aka mayar da hoton fari da baƙi zalla, rubutun na iya ɓacewa ɗungurungum, kuma komai ƙara girman hoton ba zai dawo da shi ba.

To yaushe mai dubawa zai dakata? Wahalar karatu kaɗai ba ta isa hujja ba. Abin tambaya shi ne ko maki ya rataya a kan wurin da ya dushe.

A ɗauki lissafin 2x + 6 = 0, wanda amsarsa -3 ce. Ɗalibi ya rubuta 2x = -6 ɓaro-ɓaro, makin hanya ya samu ke nan. A layin ƙarshe ana ganin 3, gabanta kuma wani ɗan toka-toka. In alamar ragi ce, ya ci makin amsa. In datti ne, ko alamar da ya rubuta ya goge, ya rasa. Karatu biyu, maki biyu daban: nan ake sa wa takardar alama, a tura wa shugaban rukuni don a sake ɗaukar hoto ko a ɗauko ta asali, inda sawun magogi kan fito fili. Da a ce abin da ya dushe wata kalma ce a tsakiyar jimlar da ma'anarta ta riga ta fito, sai a ba da maki a wuce.

Babban tarko shi ne takardar amsoshi da ke hannun malami. Wanda ya san ana neman -3, idonsa zai ƙera masa alamar ragi ko babu ita. Gwaji mai sauƙi shi ne ya tambayi kansa ko wanda bai san amsar ba zai karanta haka.

Mummunan rubutu kuwa daban yake. In layukan sun fito baƙi amma haruffan sun cuɗe, sabon hoto ba zai warware su ba. Shafin da ya yi kama da wanda ba a taɓa ba shi ya fi haɗari. Kafin a ba shi sifili, a ƙara duhun hoton a duba, musamman a takardar giraf da zane-zane, inda fensir ne abin aiki kuma layukan takardar kan danne na ɗalibi.