Lissafin Lokaci daga Layukan Taswira

A takardar aikin labarin ƙasa, tambayar da ta fi kayar da ɗalibai ita ce ta lissafin lokaci. Alhali ka'idarta ɗaya ce: duniya na juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa guda, ko minti 4 a kowane digiri.

Layukan latitud, waɗanda ke kwance, nisa daga Ikwaita kawai suke nunawa, babu ruwansu da agogo. Na longitud, masu saukowa daga arewa zuwa kudu, su ne ma'aunin lokaci, kuma daga layin Greenwich ake fara ƙirga su.

A ce an tambaya: ƙarfe 12 na rana a Greenwich, ƙarfe nawa a garin da ke digiri 45 gabas? Raba 45 da 15, ka sami awa 3. Tunda rana na riga fitowa a gabas, sai a ƙara, amsa ƙarfe 3 na yamma. Da yamma garin yake, ragewa za a yi, a sami ƙarfe 9 na safe. Idan kuma Greenwich na tsakanin garuruwa biyu, haɗa digirinsu ake yi kafin a raba.

Sai a kula da bambancin lokacin rana da na hukuma. Kano tana wajen digiri 8 da rabi gabas, don haka ranarta ta riga ta Greenwich da kusan minti 34. Amma Nijeriya da Nijar lokacin digiri 15 gabas suke bi, awa guda cur. Saboda haka, kafin ka ɗora biro, duba wanne aka tambaye ka.